Inda Sanarwar Ofis Take Zubar da Kayanta Kafin Ta Isa Hausa

A ɗauki misalin wani kamfanin dillancin kaya mai hedikwata a Kano da rassa a wasu garuruwa. Da safiyar Litinin sashen kula da ma'aikata ya aika sanarwa ta imel, da Turanci, cewa za a tantance ma'aikata. Yawancin direbobi da masu gadi da leburorin sito da Hausa suke karatu, don haka aka ce sakatare ya sa a fassara. Shi kuma ya ja linzamin kwamfuta a kan saƙon, ya kwafa, ya liƙa a WhatsApp, ya tura wa mai fassara da ɗan rubutu a ƙasa: "Malam, don Allah a juya mana wannan kafin azahar." Malam ya juya, kuma Hausarsa ba ta da makusa. Amma ranar Laraba sai ga ma'aikatan dindindin sun yi layi a ƙofar shugabannin sassa suna neman wata wasiƙa da ba a nema daga gare su ba, wasu kuma suna ta danna kalmar "nan" a wayoyinsu ba abin da ya buɗe.

Ba a yi kuskuren kalma ko ɗaya ba. Abin da ya zube a hanya shi ne tsarin sanarwar, kuma a irin wannan takarda tsarin yana ɗauke da kaso mai yawa na umarnin. Ɗigon da aka tura ciki kaɗan yana cewa "wannan na ƙarƙashin wancan ne". Lamba tana cewa "wannan kafin wancan". Kan magana yana gaya wa mai karatu ko sashen ya shafe shi ko ya wuce. Mai fassara da ya ɗauki waɗannan a matsayin kwalliya ya bar rabin saƙon a baya.

Ana fahimtar yadda asarar take faruwa idan aka san yadda imel yake a ciki. Tun da aka fito da ƙa'idar MIME a 1992, saƙo ɗaya yana iya ɗaukar siffofi biyu a lokaci guda: rubutu zalla wanda ake kira `text/plain`, da rubutu mai tsari wanda ake kira `text/html`. Abin da ido yake gani a Gmail ko Outlook, da kaurin haruffa da shuɗin mahaɗi, siffa ta biyu ce. Idan mutum ya kwafa, kwamfuta tana riƙe siffofin biyu a ma'ajiyarta ta wucin gadi, wurin da aka liƙa ne yake zaɓar wadda zai karɓa. Word da Google Docs suna karɓar mai tsari. Notepad da akwatin saƙon WhatsApp rubutu zalla kawai suke karɓa. To a daidai lokacin da sakataren nan ya liƙa saƙon a WhatsApp, ɓarnar ta riga ta auku, tun mai fassara bai ga ko harafi ɗaya ba.

Sanarwar asali tana da kanun sassa uku: wanda abin ya shafa, takardun da za a kawo, da matakan da za a bi. A ƙarƙashin na biyu akwai ɗigo biyar. Huɗun farko na kowa da kowa ne: takardar ɗaukar aiki, shaidar lambar NIN, hotuna biyu, da takardar albashin watan da ya wuce. Na biyar ya ce ma'aikatan kwantiragi kaɗai, sannan a ƙarƙashinsa aka tura ƙananan ɗigo biyu ciki: kwafin yarjejeniyar kwantiragi, da wasiƙar shugaban sashe. Ga yadda wannan wurin ya isa hannun mai fassara:

```
·       Contract staff only:
o   Copy of contract
o   Letter from head of unit
```

Wannan ƙaramin harafin `o` yana da tarihi. Outlook na Windows na gargajiya, tun daga na 2007, da injin Word yake tsara saƙonninsa, kuma sau da yawa jerin da aka rubuta a cikinsa ba ya tafiya a matsayin jeri na gaskiya. Yana tafiya ne a matsayin sakin layi na yau da kullum, kowanne da wani harafi a gabansa wanda aka sa wa salon rubutu na musamman don ya yi kama da ɗigo. Ɗigon matakin farko alama ce a salon Symbol, na mataki na biyu harafin `o` ne a salon Courier New, na mataki na uku kuma alama ce a salon Wingdings wadda take komawa `§` da zarar an cire mata rigarta. Wanda ya san haka ba zai goge su a matsayin datti ba, domin su ne kaɗai shaidar da ta rage ta cewa wane layi ne yake ƙarƙashin wane. Mai fassararmu ya goge su, ya sa wa kowane layi gajeren jan layi iri ɗaya don takardar ta yi tsaf. Layi bakwai suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, wasiƙar shugaban sashe ta zama wajibi a kan kowa.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Idan jerin na gaskiya ne, wato manhaja ce take zana ɗigon da lambobin da kanta, to su ba haruffa ba ne a cikin rubutun, kuma a wasu manhajojin ba sa biyo kwafin sam. Sai a ga layuka tsirara, babu ɗigo babu lamba, mai fassara ya ɗauka jimloli ne masu zaman kansu.

Matakan da za a bi guda huɗu ne: a cike fom a intanet, a buga takardar shaidar cikewa, a kai wa shugaban sashe ya sa hannu, a miƙa a ofishin kula da ma'aikata. A ƙasa aka ƙara cewa ma'aikatan rassa su tsallake mataki na 3, saboda manajan reshe ne zai sa hannu a madadinsu gaba ɗaya. Matsalar ita ce mataki na farko doguwar jimla ce, kuma imel na rubutu zalla yana karya layi da ƙarfi idan ya kai haruffa saba'in da 'yan kai. Ƙa'idar imel ta ba da shawarar kada layi ya wuce haruffa 78. Jimlar ta rabu biyu, wutsiyarta ta sauko layi na ƙasa, mai fassara ya ba ta lamba tata. Matakai suka zama biyar, mataki na 3 ya koma buga takardar shaida, ma'aikatan rassa kuwa suka tsallake shi kamar yadda aka umarce su, suka zo hannu rabbana. Ana gane irin wannan karyewa da ido: layuka da yawa suna ƙarewa a kusan tsawo ɗaya, na ƙasa yana farawa da ƙaramin harafi, na sama kuma bai ƙare da aya ba. A Word, danna `Ctrl+Shift+8` yana bayyana alamar `¶` a duk inda aka karya layi, sai a goge waɗanda suka faɗo tsakiyar jimla. Wasu suna amfani da `Ctrl+H` su musanya kowane `^p` da tazara a lokaci guda don sauri. A takarda mai jeri wannan dabarar tana haɗe ɗigo-ɗigon su zama sakin layi ɗaya, don haka gara a bi su ɗaya bayan ɗaya; sanarwar ofis ba ta cika wuce shafi biyu ba.

Sai batun mahaɗi, wanda 'yan ofis suka fi sani da linki. Shi ne ya fi saurin salwanta, kuma salwantarsa ba ta barin tabo. Mahaɗi abu biyu ne a haɗe, kalmomin da ake gani da adireshin da yake ɓoye a bayansu:

```html
<a href="https://example.org/verify/form">click here</a>
```

Idan aka liƙa a wurin rubutu zalla, kalmomi biyun nan ne kawai suke tsira, adireshin ya tafi. Mai fassara yana iya rubuta "danna nan" da kyakkyawar niyya, alhali babu komai a bayan "nan" ɗin. Alamar da za ta farkar da shi ita ce duk wata kalma mai nuni wadda ba ta nuna komai: nan, wannan fom, jadawalin da ke haɗe, shafin ma'aikata. Da ya gamu da ɗaya, ya san akwai adireshin da ya faɗi a hanya, kuma bai kamata ya ci gaba ba sai ya koma ga saƙon asali. A can, ɗora linzami a kan kalmar ba tare da dannawa ba yana nuna adireshin. A waya kuma doguwar dannawa ce take nuna shi. Danna maɓallin dama yana ba da `Copy link address` a Chrome, ko `Copy Hyperlink` a Outlook.

Ƙa'idar aikin a nan mai sauƙin faɗa ce: kalmomin da ake gani a fassara su, adireshin kuwa kada a taɓa ko harafi ɗaya nasa. Ba a mayar da `form` zuwa fom a cikinsa, ba a gyara babban harafi zuwa ƙarami, domin abin da ya biyo bayan sunan shafin yana iya bambanta babba da ƙarami. Ba a cire `%20` don ya yi kama da kuskure, tazara ce a rubuce. Kuma ba a buga adireshi da hannu, kwafa ake yi. Hanya mafi aminci a Word ita ce a sa alamar rubutu a kan mahaɗin, a danna `Ctrl+K`, a canza abin da ke cikin akwatin `Text to display` kawai, a bar akwatin `Address` yadda yake. Wanda ya goge kalmomin Turancin gaba ɗaya ya rubuta Hausa a gurbinsu yakan goge mahaɗin tare da su, wani lokaci ma sabon rubutun ya gaji shuɗin launi da jan layi a ƙasa, ya yi kama da mahaɗi alhali fanko ne.

Wani abin lura da mutane da yawa ba su sani ba: adireshin da ke cikin saƙon da mutum ya karɓa ba lallai ne ya zama wanda aka aika ba. Ma'aikatun da suke amfani da tsaron imel na Microsoft suna iya kunna abin da ake kira Safe Links, wanda yake naɗe kowane adireshi a cikin wani dogon adireshi mai ɗauke da `safelinks.protection.outlook.com`, kuma sau da yawa adireshin imel na wanda ya karɓi saƙon yana cikin wannan naɗin. Wasu tsare-tsaren aika saƙo kuma suna ba kowane ma'aikaci mahaɗi nasa shi kaɗai. Idan aka kwafi irin wannan aka raba wa mutum ɗari biyu, ko dai ya ƙi buɗewa, ko kowa ya shiga da sunan sakatare. Mafita ita ce a nemi adireshi na asali daga wanda ya rubuta sanarwar. Tambaya ce ta minti ɗaya.

Kuma tunda an zo fassara kalmomin mahaɗin, babu dalilin tsayawa a kan "nan". A jimlar Hausa, "Ku cike fom ɗin tantancewa kafin ranar Juma'a", ya fi kyau mahaɗin ya zauna a kan "fom ɗin tantancewa". Mai karatu ya san inda za shi kafin ya danna, makaho mai amfani da manhajar karanta allo yana jin sunan abin a maimakon "nan, nan, nan" sau uku, kuma ko da mahaɗin ya sake faɗuwa, jimlar tana da ma'ana. Abin da ba a fassarawa shi ne sunan maɓallin da mutum zai tarar a shafin da ya buɗe. Idan fom ɗin da Turanci yake, kuma maɓallin ƙarshe an rubuta masa `Submit`, to a rubuta "ku danna `Submit`, wato miƙawa". Direban da aka ce wa ya danna "Miƙa" zai yi ta neman kalmar da babu ita a allonsa.

Kanun sassa ba su da wahala sosai, amma suna da tarko ɗaya. A yawancin imel ba kanu na gaskiya ba ne, layi ne kawai da aka ƙara wa kauri ko girma; akwatin rubuta saƙo na Gmail ma ba shi da salon kan magana, girman harafi da kauri kawai yake bayarwa. Da an cire kaurin sai kan ya narke cikin jimlar da ke bin sa. Ana gane shi da gajarta, da rashin aya a ƙarshe, da kuma rashin cikakkiyar jimla. Idan fassarar a Word za ta zauna, gara a ba shi salon `Heading 2` na gaskiya. Kuma a bar shi gajere. Akwai jarabar mayar da kan magana mai kalma biyu zuwa jimla mai kalma goma don a cika ma'ana. "Takardun da za a kawo" ya wadatar.

Wurin da gwanintar mai fassara take fitowa sosai shi ne inda tsarin jeri ya ci karo da nahawun Hausa. Turanci yana son buɗe jeri da rabin jimla, irin "dole duk ma'aikata", sannan kowane ɗigo ya fara da aikatau tsirara. Hausa ba ta yarda aikatau ya tsaya haka ba, sai da wakilin suna a gabansa. Idan aka buɗe da "Wajibi ne kowane ma'aikaci ya:", an rataye "ya" a bakin layi babu abin da ya riƙe, kuma an bar ma'aikata mata a waje. Wasu suna tserewa ta hanyar "ya/ta" a kowane layi, abin da yake gajiyar da ido. Hanyar da ta fi dacewa da harshen ita ce a rufe jimlar buɗewa ta zama cikakkiya, "Ga abin da ake buƙata daga ma'aikata:", sannan kowane ɗigo ya ɗauki wakilin sunansa: su cike fom, su buga takardar shaida, su kai ta a sa hannu. Ko a yi amfani da "a" na kowa da kowa, wanda shi ne muryar sanarwa a Hausa tun asali: a cike, a buga, a kai. Duk wanda aka zaɓa, a riƙe shi har ƙarshen jerin. Jerin da ya fara da "a cike", ya koma "bugawa", ya ƙare da "ku kai", yana sa mai karatu ya yi zaton mutane daban-daban ake wa magana. Abin da ba ya canzawa shi ne adadin ɗigon da jerinsu. Ko da ɗigo biyu sun yi kama da za a iya haɗe su a jimla ɗaya mai daɗi, ba a haɗewa, domin gobe wani zai kira ofis ya ce "abu na huɗu", kuma dole na huɗun Hausa ya zama na huɗun Turanci.

Duk wannan wahalar tana raguwa ƙwarai idan aka gyara matakin farko. Mai fassara yana da haƙƙin ya ce wa sakatare: "Don Allah a turo mini imel ɗin kansa, kada a kwafo." Tura saƙon da `Forward` yana riƙe siffar mai tsari. Daga nan a kwafa zuwa Word, a zaɓi `Keep Source Formatting` wajen liƙawa, a ajiye kwafi ɗaya da ba za a taɓa ba, a yi aiki a kan na biyu, ana fassara layi-layi a cikin tsarin da yake nan. Masu yawan irin wannan aiki suna amfani da manhajojin fassara kamar OmegaT, wadda kyauta ce, ko memoQ da Trados. Su suna ɓoye tsarin a cikin 'yan alamomi irin `<a0>` da `</a0>`, mai fassara ya sa kalmomin Hausa a tsakaninsu, manhajar kuma ta yi gargaɗi idan wata alama ta ɓace. Ga sanarwa mai shafi ɗaya, Word da natsuwa sun isa.

Kafin a fara, a ɗauki biro a ƙirga. A misalinmu: kanu uku, manyan ɗigo biyar, ƙanana biyu, matakai huɗu, mahaɗai uku, nuni ɗaya zuwa lambar mataki. A rubuta a gefen takarda. Bayan an gama a sake ƙirgawa a fassarar. A Word, `Alt+F9` yana bayyana kowane mahaɗi da kalmar `HYPERLINK` da adireshinsa a fili, don haka fankon mahaɗi ba ya iya ɓuya. Da an yi wannan ƙirgar ranar Litinin, da an ga matakai biyar a inda ya kamata a ga huɗu, da mahaɗi sifili a inda ya kamata a ga uku.

Saura tambayar da ya kamata a yi tun farko: a ina za a karanta fassarar? Idan WhatsApp ne, kamar yadda yake a yawancin wuraren aiki a ƙasar Hausa, to tsarin sai an sake gina shi da kayan da WhatsApp yake da su. Kan magana a sa shi tsakanin taurari biyu ya yi kauri. Tun 2024 manhajar tana mayar da layin da ya fara da `-` da tazara zuwa ɗigo, wanda ya fara da `1.` kuma zuwa jeri mai lamba. Abin da ba ta yi shi ne ɓoye adireshi a bayan kalma, don haka sai a rubuta sunan abin, sannan adireshin a fili a layinsa shi kaɗai, ba tare da aya ko waƙafi a manne da ƙarshensa ba. Ƙananan ɗigon kuwa kada a dogara da tura su ciki, a faɗi dangantakar da baki: "Ma'aikatan kwantiragi kaɗai za su ƙara da waɗannan biyun", a ƙarƙashin kan magana nasu. Idan kuma bugawa za a yi a manna a allon sanarwa kusa da ƙofar shiga, mahaɗi ba ya dannuwa a takarda. Sai gajeren adireshi da za a iya kwafa da hannu, ko lambar QR da ofishin ya samar.

Abu na ƙarshe da ake dubawa shi ne haruffa masu ƙugiya. Ɓ da Ɗ da Ƙ, da kuma Ƴ da ake rubutawa a Nijar, ba sa cikin tsofaffin tsare-tsaren haruffa na Yammacin Turai, sai a UTF-8 suke tafiya lafiya. Saƙon da aka aika da tsohon tsari yana iya isa da alamar tambaya a gurbinsu, "ƙasa" ta koma "?asa", kuma wasu salon rubutu masu ado da ake sa wa kanu ba su da waɗannan haruffan, sai a ga ƙ ɗaya ta bambanta da 'yan'uwanta ko ta zama ɗan akwati. Maganin shi ne mai fassara ya tura wa kansa sanarwar ta hanyar da za a tura wa ma'aikata, ya buɗe ta a waya irin wadda direba ko mai gadi yake riƙewa, ya karanta daga sama zuwa ƙasa, ya danna mahaɗan nan uku ɗaya bayan ɗaya ya ga kowanne ya buɗe shafin da aka ce zai buɗe, sannan ya mayar wa sakatare.